Littafi ɗaya, ma'ana iri-iri: Abin da mai karatu ke zuwa da shi

A shekarar 1966 wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adun al'umma, Laura Bohannan, ta buga wata maƙala game da zaman da ta yi a ƙasar Tibi, wadda yanzu take cikin Jihar Binuwai. Kafin ta tafi can sun yi musu da wani abokinta a Oxford. Ita tana ganin halin ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina, don haka duk wanda aka ba labarin wasan kwaikwayon Hamlet na William Shakespeare zai fahimce shi yadda Bature ke fahimtarsa. Da damina ta sauka, ruwa ya cika fadamu, aiki ya tsaya, sai dattawan gidan da take zaune suka nemi ta ba su labarin da ke cikin takardar da suke ganin tana ta karantawa. Ta ga dama ta samu ta gwada maganarta, ta fara ba su labarin Hamlet da harshensu.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Sarkin Danmak ya rasu. Ɗan'uwansa Claudius ya hau gadon sarauta, ya kuma auri matar marigayin ba a cika wata biyu da rasuwar ba. Sai fatalwar marigayin ta bayyana ga ɗansa Hamlet, ta gaya masa cewa Claudius ne ya kashe shi da guba, ta nemi ya ɗaukar masa fansa.

Mutanen Ingila na zamanin da aka rubuta wasan, wajen shekarar 1600, suna jin an ce mutum ya auri matar ɗan'uwansa sai ransu ya ɓaci, domin cocinsu ya haramta irin wannan aure. Amma dattawan Tibi da suka ji haka sai suka yaba wa Claudius. A al'adarsu ƙane ne ke auren matar wansa idan ya rasu, ya zama uba ga 'ya'yan da aka bari. Batun fatalwa kuwa ba su yarda da shi ba sam, domin a saninsu matacce ba ya tafiya, ba ya magana. Suka ce abin da Hamlet ya gani aikin mayu ne. Da aka zo kan fansa suka ce yaro ba ya ɗaga hannu a kan baffansa, wannan hurumin manya ne. Da ta gama sai suka ce ta yi ƙoƙari, kurakuranta kaɗan ne, ta riƙa kawo musu labaran ƙasarsu domin su koya mata ainihin ma'anarsu.

To, ku kuma fa? Ɗalibin da ya tashi a Kano ko Zariya ko Damagaram ba zai ga aibu a auren matar ɗan'uwa bayan rasuwarsa ba, tunda addini bai hana ba, kuma ana yi. Abin da zai fara tsaya masa a rai shi ne lissafin kwanaki: ina takabar wata huɗu da kwana goma? Kun ga ke nan aure ɗaya ne a cikin labarin, amma Bature ya ga haramtaccen aure, Batibi ya ga cika al'ada, Bahaushe ya ga gaggawar da ta keta takaba. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan zai ɗauki fushin Hamlet ta wata fuska daban, kuma wannan zai sauya yadda yake kallon sauran labarin har ƙarshe.

Wannan shi ne abin da masana adabi suke kira ra'in martanin mai karatu.

Me ra'in yake cewa?

A aji an saba koya mana mu tambayi abu biyu: me marubuci yake nufi, kuma me ke cikin matanin, wato jigo da salo da zubi da tsari da taurari. Masu wannan ra'i sun ƙara tambaya ta uku: me ke faruwa a cikin kan mutum lokacin da yake karantawa?

Wadda ta fara kafa wannan magana sosai ita ce Louise Rosenblatt, wata malamar jami'a a Amurka, a littafin da ta fitar a 1938, ta kuma faɗaɗa ta a wani na 1978. A ganinta, abin da ke kan takarda tawada ce kawai har sai wani ya karanta. Ma'ana tana samuwa ne a wurin da matani da mai karatu suka haɗu, kamar yadda ciniki ba ya faɗawa sai mai saye da mai sayarwa sun haɗu a kan kaya. Matani yana kawo kalmomi da tsarinsu. Mai karatu yana kawo harshensa, da addininsa, da abin da ya taɓa gani, da abin da yake tsoro, da littattafan da ya karanta a baya. Idan aka sauya mai karatu, an sauya ɓangare guda na cinikin, don haka abin da za a tashi da shi ma zai sauya.

Faɗin haka kawai bai isa hujja ba. Duk mai son ya tabbatar da cewa ma'ana tana sauyawa daga mai karatu zuwa wani dole ya nuna a ina take sauyawa, kuma me ya sa. Ra'in ya tanadi makami guda ga kowace tambaya.

Makami na farko: giɓi

Wolfgang Iser, malami a Jami'ar Konstanz ta ƙasar Jamus, ya lura cewa babu labarin da ke faɗin komai. Marubuci yakan ce mace ta fita daga ɗaki ba tare da ta ce uffan ba, ya wuce. Bai gaya mana ko fushi ta yi, ko kunya ta ji, ko tsoro ba. Wannan wurin da aka bari a buɗe shi ne giɓi, kuma mai karatu ne ke cike shi, sau da yawa bai ma san ya yi ba. Wanda ya tashi a gidan da shiru alamar kunya ce zai cike giɓin da kunya. Wanda ya saba ganin shiru a matsayin fushi zai cike shi da fushi. Daga baya idan ka tambaye su, kowa zai rantse cewa abin da ya fahimta a rubuce yake a littafin, alhali shi ne ya sa shi.

Tatsuniya ma haka take. Mai ba da tatsuniya yakan ce Gizo ya yaudari Kura ya cinye abincinta, amma ba kasafai yake tsayawa ya ce a yaba wa Gizo ko a tsine masa ba. Yaro ƙarami yana dariya yana jin daɗin yadda ƙaramin abu ya ci galabar babba. Kakar da ke sauraro tana ganin kwaɗayi da rashin amana da ya kamata a tsoratar da yara a kansu. Kalmomin da suka shiga kunnensu iri ɗaya ne.

Saboda haka idan mutum biyu suka saɓa a kan littafi, abin da ya kamata ka fara nema shi ne giɓin da suka cike daban-daban. Kusan kullum akwai shi, kuma ana iya nuna shi da yatsa a shafi.

Makami na biyu: jama'ar da ta koya maka karatu

Me ya sa wani ke cike giɓi da kaza, wani da kaza? Stanley Fish, wani masanin Amurka, ya ba da labarin gwajin da ya yi a 1971 a wata jami'a da ke Buffalo. Ya gama darasi da ɗaliban ilimin harshe, ya bar sunayen wasu marubuta jere a kan allo, waɗanda ya ce su je su karanta ayyukansu. Ajin da ya biyo baya na masu nazarin waƙoƙin addinin Kirista ne na Ingila na ƙarni na 17. Sai ya zagaye sunayen da layi, ya ce wa sababbin ɗaliban wannan waƙar addini ce, su yi sharhinta. Nan take suka duƙufa. Suka samo alamomin addini a cikin sunayen, suka samo ma'ana a yadda aka jera su, har suka fitar da jigo.

Ɗaliban nan ba wawaye ba ne. An horar da su ne su nemi wasu abubuwa a duk abin da aka ce musu waƙar addini ce, suka nema, suka samu. Daga nan Fish ya ce ba kowa ke karatu shi kaɗai ba. Kowannenmu ɗan wata jama'a ce da ta koya masa abin da ake nema a rubutu: gida, makarantar allo, makarantar boko, gari, zamani. Shi ya sa dattawan Tibi suka yi ta amincewa da juna a kan Hamlet, suka kuma haɗu suka saɓa wa baƙuwarsu. Shi ya sa kuma ma'anonin littafi ba su kai yawan masu karanta shi ba. Sukan taru ne rukuni-rukuni.

Zamani ma jama'a ne. Wani masanin na Konstanz, Hans Robert Jauss, ya nuna cewa mutanen kowane zamani suna buɗe littafi da abin da suke sa ran samu a ciki, kuma wannan sa rai yana sauyawa idan shekaru suka shuɗe.

Mu gwada a kan Shaihu Umar

Bari mu ɗauki littafin da da yawanku suka sani. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar yana malamin makaranta a Bauchi, domin gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a 1933, gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki.

A labarin, Shaihu Umar babban malami ne a Rauta, kusa da Bauchi. Almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya ba su tarihinsa. An haife shi a Kagara. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Bayan wani hari da aka kai na kamun bayi, mahassada suka kai ƙarar Makau wurin sarki cewa ya ɓoye wasu bayin, aka kore shi daga garin. Ana cikin wannan ɗaiɗaicewa aka sace Umar yana ƙaramin yaro. Ya bi hannuwa har ya iso Kano, inda wani Balarabe mai fataucin bayi, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya tafi da shi ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Mahaifiyarsa kuwa ta bazama nemansa, ita ma ta faɗa cikin bauta, aka ƙetara hamada da ita. A Tarabulus suka sake haɗuwa bayan shekaru masu yawa, ba ta daɗe ba ta rasu. A hanyar komowa guguwar rairayi ta halaka ayarin da yake ciki, Umar ya tsira, a ƙarshe ya zauna a Rauta yana karantarwa.

Tambayarmu guda ce: wane irin mutum ne Abdulkarim?

Ga abin da matanin ya bayar, wanda ba mai musunsa. Abdulkarim ya kyautata wa Umar, ya ba shi ilimi. Kuma Abdulkarim yana cikin fataucin da ke raba 'ya'ya da iyayensu, wanda shi ne ya haɗiye mahaifiyar Umar ɗin. Ga kuma giɓin: labarin ya ajiye waɗannan abubuwa biyu gefe da gefe, ya bar wa mai karatu ya auna wanda ya fi nauyi. Akwai giɓi na biyu da ya fi wannan ɓuya. Labarin yana fitowa ne daga bakin Umar, wato wanda ya ci moriyar Abdulkarim, yana dattijo mai daraja a gaban almajiransa. Sauran yaran da aka saya aka sayar a kasuwa ɗaya da shi, waɗanda ba su dace da mai riƙo irin nasa ba, ba su ne aka ba bakin magana ba.

Yanzu mu ƙaddara masu karatu uku, a matsayin misali.

Na farko mutum ne da ya karanta littafin a shekarun da ya fara fitowa. A lokacin bauta ba tsohon labari ba ce. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afirilun shekarar ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Wannan mai karatu ya san mutanen da aka kama aka sayar, wataƙila ma suna unguwarsu. A duniyar da ya sani, tambayar da ake yi game da mai bayi ita ce ko yana kyautata musu ko yana gallaza musu. Da wannan ma'auni Abdulkarim zai fito a mutumin kirki ƙwarai, tunda ya mayar da bawa ɗa.

Na biyu almajiri ne da ya tashi a kan karatun ƙissoshin annabawa. Yana jin an raba yaro da gida, an sayar da shi, an kai shi Masar, ya girma a gidan wanda ya kyautata masa, ya ɗaukaka, ƙissar Annabi Yusufu za ta faɗo masa a rai. Zai cike giɓin da ƙaddara: duk wahalar da aka sha hanya ce da Allah ya bi da yaron zuwa ilimi, Abdulkarim kuwa sanadi ne. A wurinsa jigon littafin haƙuri ne da tawakkali, kuma zai kafa hujja da yadda Umar da kansa yake ba da labarin cikin natsuwa.

Ta uku ɗaliba ce ta yau, a garin da ake fama da masu garkuwa da mutane, wadda kuma ta ji rahotannin da suka fito a 2017 na sayar da 'yan ci-rani a Libiya. Ita idonta yana kan mahaifiyar. Tana ganin mace da ta bar komai ta bi sawun ɗanta, aka sayar da ita, ta ƙare rayuwarta a baƙuwar ƙasa. A wurinta alherin da Abdulkarim ya yi wa yaro ɗaya bai wanke shi daga sana'ar da ta cinye dubbai ba. Za ta ma ƙara tambayar da na farko bai yi ba: shi Makau da muke tausaya wa, ba harin kamun bayi ya je ba? Su waɗanda ya kamo fa, ba su da iyaye? A karatunta littafin ƙara ce aka shigar a kan bauta.

Ku lura da abu uku. Ba wanda ya sauya ko da harafi ɗaya na littafin. Kowannensu yana da abin da zai nuna a shafi. Kuma bambancin nasu ya wuce a ce wannan ya ji daɗi, wancan bai ji ba. Jigon littafin ne kansa ya sauya, daga kyautatawa zuwa ƙaddara zuwa zalunci. Wannan shi ne abin da ake nufi idan aka ce ma'ana tana sauyawa.

Akwai ma wani sauyin da tarihi ya kawo. Marubucin ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Wanda ya karanta littafin bayan haka yana iya ganin makircin fada da aka ƙulla wa Makau da wani nauyi na siyasa, wanda malamin makarantar da ya rubuta shi a 1933 ba shi da hanyar saninsa.

Ina iyakar abin?

A nan ne ɗalibai da yawa suke zamewa. Suna jin an ce ma'ana tana sauyawa sai su ɗauka duk abin da mutum ya faɗa daidai ne. Tun a 1949 wasu masana biyu na Amurka, Wimsatt da Beardsley, suka yi gargaɗi cewa auna rubutu da abin da ya sa mai karatu ya ji kuskure ne, domin a ƙarshe za a bar littafin a koma ba da labarin kai. Gargaɗin nan yana da ƙamshin gaskiya, kuma Rosenblatt ita ma ba ta ce kowace fahimta karɓaɓɓiya ce ba. Ta sa sharaɗi biyu: kada fahimtarka ta ci karo da abin da matanin ya faɗa, kuma kada ka ɗora masa abin da ba shi da tushe a kalmominsa.

Da waɗannan sharuɗɗa za ku iya rarrabe fahimta da kuskure. Wanda ya ce Abdulkarim ne ya je Kagara ya sace Umar, ya ci karo da matani. Bai karanta da kyau ba ne. Wanda ya ce Abdulkarim ya ilimantar da Umar ne don ya sayar da shi da tsada daga baya, ya ƙago abin da babu kalmar da ke goyon bayansa. Amma wanda ya ce alherinsa bai wanke sana'arsa ba, yana tsaye a cikin giɓin da littafin ya bari, kuma yana da damar tsayawa a nan. Giɓi kamar fili ne da aka kewaye da shinge: kana iya shuka abin da ka ga dama a ciki, amma shingen na marubuci ne.

Ko labarin ƙasar Tibi ma yana da rauninsa a matsayin hujja. Dattawan ba su karanta Hamlet ba. Sun ji shi ne daga bakin Bohannan, wadda ta taƙaita shi, ta kuma nemo kalmomin Tibi da za su maye gurbin irin su sarki da fatalwa. Ita ma mai karatu ce da ta riga ta cike wasu giɓoɓin kafin labarin ya iso gare su. Ɗalibin da ya kawo wannan misali ya kuma ambaci wannan rauni ya fi wanda ya ɓoye shi ƙarfin hujja.

Yadda za ka gina hujjarka a rubuce

Idan malami ya ba ku aikin nuna cewa ma'anar matani tana sauyawa tsakanin masu karatu, kada ku ɗauki littafin gaba ɗaya. Ku zaɓi wuri ɗaya: tauraro ɗaya, ko abu ɗaya da ya faru, ko yadda labarin ya ƙare. Ku fara da rubuta abin da matanin ya faɗa ƙarara, wanda ba a jayayya a kansa. Sannan ku nuna giɓin, wato tambayar da bai amsa ba. Daga nan ku kawo masu karatu biyu ko uku, ku faɗi yadda kowa ya cike giɓin, ku kuma faɗi abin da ke rayuwarsa ko zamaninsa da ya sa ya cike shi haka. A ƙarshe ku kawo fahimta ɗaya da matanin ba zai karɓa ba, domin a ga kun san inda shingen yake.

Masu karatun gaske sun fi na ƙaddarawa. Wani masani mai suna Norman Holland ya fitar da littafi a 1975 a kan yadda ɗalibai biyar suka karanta gajerun labarai iri ɗaya, kowa ya fito da abin da ya dace da halinsa. Ku ma kuna iya yin ƙaramin irinsa. Ku ɗauki shafi ɗaya ko biyu, misali wurin da Umar ya haɗu da mahaifiyarsa. Ku ba mutum huɗu da suka bambanta a shekaru ko jinsi ko irin karatun da suka yi. Wanda ba ya karatun boko ku karanta masa yadda yake a rubuce, ba ƙari ba ragi. Ku yi wa kowa tambaya uku iri ɗaya: me ya faru a nan, wa kake ganin ya fi laifi, kuma wace jimla ce ta sa ka ce haka? Ku rubuta amsar kowa da kalmominsa.

Abu biyu ne ke ɓata wannan gwaji. Na farko shi ne tara su wuri ɗaya. Idan Baba ya riga ya faɗi ra'ayinsa, ƙanwarka ba za ta saɓa masa a gabansa ba, sai ka tashi da amsa ɗaya sau huɗu. Ku tambayi kowa shi kaɗai. Na biyu shi ne tambayar da ta riga ta ɗauko amsarta, kamar a ce wa mutum ai ka ga muguntar da aka yi a nan ko? Wannan ra'ayinka ne ka ɗura masa. Alamar da za ta nuna muku gwajin ya yi kyau ita ce amsoshin tambaya ta farko su yi kusa da juna, na ta biyu su rarrabu. Idan tun a tambayar farko aka saɓa, to wani bai fahimci shafin ba ne, a sake karantawa. Tambaya ta uku kuwa ita ce za ta kai ku kan jimlar da hanya ta rabu, kuma a kan wannan jimla za ku gina rubutunku.

Sai dai a kula da zauren jarrabawa. Idan aka tambaye ku sunan garin da aka haifi Shaihu Umar, amsa ɗaya ce, ba ruwanta da wanda ke karantawa. Rosenblatt da kanta ta bambanta karatun da ake yi don a kwashi bayani da wanda ake yi don a ɗanɗani labari. Wurin wannan ra'i shi ne tambayoyin sharhi, inda aka ce a tattauna jigo ko halin tauraro. A can ma, maki yana bin wanda ya ce ga fahimtata, ga wurin da na samo ta a littafin, ga kuma dalilin da zai sa wani ya fahimta daban.

A wannan mako ku nemi Shaihu Umar a ɗakin karatun makarantarku, ku karanta wurin da aka kori Makau, sannan ku karanta wa wani dattijo a gida. Ku tambaye shi wa ya fi tausaya wa a wannan wuri, ku rubuta amsarsa a gefen taku, ku sa kwanan wata. Ku adana takardar har ku gama sakandare, ku sake buɗe shafin ku ga ko har yanzu kun yarda da abin da kuka rubuta.